Ban taɓa yin aikin albashi ba, me zan rubuta a imel ɗin neman aiki?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in danna tura. Na gama digiri a fannin ƙididdiga, kuma wata ƙungiya ta fitar da gurbin mataimakin jami'in bayanai. Abu uku suka ce suna so: wanda ya iya tattara bayanai da waya, ya iya gyara su a Excel, ya kuma iya rubuta gajeren rahoto. A ƙasa sun ƙara da cewa an fi son mai ƙwarewar shekara ɗaya. Ni kuwa ban taɓa yin aikin albashi ba. Ga abin da na rubuta a jikin imel ɗin:

"Ranka ya daɗe, ina mai farin cikin rubuto wannan saƙo domin neman gurbin da kuka tallata. Duk da cewa ba ni da ƙwarewar aiki, ni mutum ce mai ƙwazo da gaskiya, ina da saurin koyo, kuma na iya zama da mutane. Na kammala digiri a fannin ƙididdiga. Ina roƙo a taimaka a ba ni dama in nuna abin da zan iya."

Ya yi, ko da gyara?

Baffa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kada ki wahalar da kanki, babu mai karanta wannan. Na'ura ce ke tace saƙonni yanzu. Ki kwashe kalmomin da ke cikin tallar ki zuba a sibi ɗinki, shi ke nan. Kuma in kin taɓa taya wata ƙungiya aiki ko na kwana biyu ne, ki rubuta kin riƙe musu jami'ar bayanai na shekara ɗaya. Kowa haka yake yi.

Malam Isa: 'Yata, Allah ya sanya albarka a karatun. In aikin sa kai kike nema don ki samu ƙwarewa, ai ba sai da doguwar wasiƙa ba. Ki je da kanki ki gaishe su, ki ce kina son taimakawa.

Ummi: Amin Malam, na gode. Aikin albashi ne nake nema. Na sa kan na riga na yi shi.

Anti Rabi: To ga magana ta fito. Ummi, kin yi aikin sa kai amma babu shi a saƙon? Na sha zama a kwamitin tantance masu neman aiki, bari in faɗa miki yadda saƙonki zai kasance a idon mai karantawa. Jimla huɗu kika rubuta. Ta farko bai koyi komai daga ciki ba, don bai ma san wane gurbi kike nufi ba in guraben da suka fitar sun fi ɗaya. Ta biyu kin fara da ba shi dalilin ajiye ki, sannan kika jero halaye huɗu waɗanda duk wanda ya turo saƙo ranar ya ce yana da su. Ta uku tana cikin sibi. Ta huɗu roƙo ce. Mutumin da ke karantawa yana da aiki a ƙasa wanda ba shi da mai yi, tambayarsa ɗaya ce: wannan yarinyar za ta iya kuwa? Ba ki ba shi abin da zai kama ba.

Kafin mu taɓa rubutun, amsa mini. Me kika yi a furojek ɗinki na ƙarshe, da hannunki? Ba sunan binciken nake tambaya ba. Kuma a wurin sa kan, me kike yi in kin je?

Ummi: Anti, furojek ɗin a kan yadda ɗalibai ke amfani da ɗakin karatu ne. Na tsara tambayoyin a KoboToolbox, na bi ɗalibai da waya ina cikewa, wasu abokaina biyu suka taya ni. Mun samu amsa 240, amma 209 na yi aiki da su, sauran ko dai ba a ƙarasa ba ko an maimaita mutum ɗaya. Na sauke a Excel na gyara, na yi lissafin a SPSS. Sa kan kuma wata ƙungiya ce da ke yi wa yara darasin ƙarshen mako kyauta. Ni ba na koyarwa, rajista kawai nake riƙewa. A littafi suke rubuta sunaye, sai na mayar musu da shi Excel. Ban ɗauka wannan abin faɗa ba ne gaskiya.

Anti Rabi: Sake karanta tallar, sannan ki sake karanta abin da kika rubuto yanzu. Sun ce tattara bayanai da waya: kin yi, har da sunan manhajar. Sun ce gyara a Excel: kin yi sau biyu. Wannan 31 ɗin da kika cire daga 240, ita ce ta fi ɗaukar hankalina a duk bayaninki, domin wanda bai taɓa riƙe ɗanyen bayanai ba bai san ana zubar da wasu ba. Shi a tunaninsa abin da aka tara duka ake lissafawa.

Ba ni labarin rajistar sosai. Sunaye nawa ne a littafin, kuma me kika tarar?

Ummi: Sunaye 180 ne a littafin. Da na gama shigarwa sai na ga yaran ba su kai haka ba, domin duk wanda ya yi fashi ya dawo sai a sake rubuta shi kamar sabo. Na gwada `Remove Duplicates`, maɓallin Excel mai cire abin da aka maimaita, bai kama da yawa ba, saboda kowane malami da yadda yake rubuta sunan, wani ya ƙara harafi wani ya rage, wani ma sunan uba yake farawa da shi. Sai na jera su bisa lambar wayar iyaye. Nan ma da matsala, don 'yan gida ɗaya lamba ɗaya suke bayarwa, sai na riƙa duba shekaru da aji kafin in ce mutum ɗaya ne. Waɗanda na yi shakka na kai wa malaman suka tabbatar. Ƙarshe yara 152 suka rage. Daga nan duk mako ina fitar da sunayen waɗanda suka yi fashi sau uku a jere a kira iyayensu.

Zulai: Ummi wallahi ke ce da kanki kike ɓoye kayanki. Ni da na karanta wannan sai na ji kamar in ɗauke ki.

Anti Rabi: Abin da kika bayyana ɗin nan shi ne rabin aikin da za su ɗauke ki ki yi. Sunan mutum ɗaya da aka rubuta iri uku, da lamba ɗaya ta mutum biyu, su ne ciwon kan duk mai riƙe bayanan jama'a. Kuma kin san inda maɓallin Excel ya gaza, kin san lokacin da ya kamata ki tashi ki tambayi mutum.

Ga yadda nake so ki gina kowace hujja. Ki faɗi abin da kika yi da fi'ili na zahiri: na tsara, na tattara, na cire, na mayar. Ki faɗi girmansa da lamba. Ki faɗi da me kika yi. Sannan ki faɗi abin da ya biyo baya, in akwai. Halayen nan da kika jero kuma ki goge su duka. Wanda ya karanta cewa kin bi sunaye 180 ɗaya bayan ɗaya ba ya buƙatar ki gaya masa kina da haƙuri, gani ya kori ji.

Baffa kuma, rabin maganarka gaskiya ce. Amfani da kalmomin tallar daidai ne: in sun ce "gyara bayanai" kada ta ce "nazarin alƙaluma", ta kira abin da sunan da suka kira shi, don mai tantancewa da jerin buƙatun a gabansa yake karantawa. Kuma manyan kamfanoni da ke sa mutum ya cike fom a shafinsu suna da manhajar da ke tara takardun masu nema, ana bincika su da kalmomi. Amma in talla ta ba da adireshin imel ta ce a turo nan, yawanci mutum ne zai buɗe, kuma jikin saƙon ne farkon abin da zai gani. Ɗaya rabin kuwa, na ƙara wa kai muƙami, ban yarda ba sam.

Baffa: Anti ai ba ƙarya ba ce sosai. Ita ke riƙe musu bayanan, to me ya rage ta zama jami'ar bayanai? Suna ne kawai.

Anti Rabi: Abin da ya rage shi ne ba su taɓa kiranta haka ba. Ka ɗauka an kira shugabar wurin aka ce muna tambaya a kan tsohuwar jami'arku ta bayanai, ta ce mu ba mu da wannan muƙamin, wata ɗaliba ce dai ke zuwa ranar Asabar. Shi ke nan, 180 ɗin da 152 ɗin da suke gaskiya su ma sun zama abin zargi. Ummi, tsawon wane lokaci kika yi?

Ummi: Wata takwas, amma Asabar kawai.

Anti Rabi: To haka za ki rubuta: duk Asabar, tsawon wata takwas, a matsayin 'yar sa kai. In kika ce wata takwas kika yi shiru, zai ɗauka kullum ne, alhali in aka haɗa kwanakin talatin da 'yan kai ne. Faɗin gaskiyar ma riba ce gare ki, domin mutumin da ya yi wata takwas yana zuwa wurin da ba a biyansa ya nuna abin da kalmar "ƙwazo" ba za ta nuna ba.

Nura: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Mu namu furojek ɗin na rukuni ne, mu biyar muka haɗa manhajar ajiye bayanan kaya. Ni na rubuta "na ƙirƙiri manhaja" a duk saƙonnin da nake turawa. Laifi ne? Don gaskiya biyu daga cikinmu ko taro ba sa zuwa.

Anti Rabi: Nura, wane ɓangare ne naka?

Nura: Ni na tsara rumbun bayanan, da shafin da ke fitar da rahoton kayan da suka kusa ƙarewa. Fuskar manhajar wani ne ya yi.

Anti Rabi: To ka ce "mu biyar muka haɗa, ni na tsara rumbun bayanan da shafin rahoto". In ka ce kai ka ƙirƙire ta gaba ɗaya, a intabiyu daidai ɓangaren da ba kai ka yi ba za a iya kamawa a yi ta tambaya. Labarin waɗanda ba sa zuwa taro kuma ka bar shi a cikinka, ba ya shiga saƙo.

Ummi, ke ma abokanki biyu da suka taya ki, ki ambace su. Ba ya rage miki komai, nuna musu yadda ake cike fom ɗin ma wani aiki ne. Sake rubutawa mu gani. Hujja biyu kawai, kada ki ƙara ta uku.

Ummi: Ga shi:

"Barka da aiki. Ina neman gurbin mataimakin jami'in bayanai da kuka tallata. Na kammala digiri a fannin ƙididdiga a bana, kuma na yi irin ayyukan da kuka lissafa a wurare biyu.

A furojek ɗina na ƙarshe na tsara fom a KoboToolbox, na nuna wa mutum biyu yadda ake cike shi, muka tattara amsoshin ɗalibai 240 da waya. Na gyara bayanan a Excel, na cire 31 da ba su cika ba ko aka maimaita, na rubuta rahoton a kan 209.

Na kuma yi aikin sa kai duk Asabar, tsawon wata takwas, a wata ƙungiyar koyar da yara. Na mayar da rajistarsu daga littafi zuwa Excel, na gano cewa sunaye 180 na yara 152 ne. Duk mako ina fitar da jerin masu fashi, abin da ya sa zuwan yara ya ƙaru da kashi 40 cikin 100.

Na maƙala sibi ɗina. Ga mahaɗin rajistar da na rahoton domin ku duba. Malamin da ya duba furojek ɗina da shugabar ƙungiyar za su iya ba da shaida a kaina. Zan so a ba ni damar ganawa."

Zulai: Sama da ƙasa tsakaninsa da na farko.

Anti Rabi: Ya yi kyau ƙwarai, amma akwai abu biyu da sai sun fita. Kashi 40 ɗin nan daga ina?

Ummi: Shugabar ce ta taɓa cewa yara sun ƙaru sosai, ni kuma da na kwatanta a ido sai na ga kamar hakan.

Anti Rabi: Kina neman aikin bayanai, lamba ɗaya da ba ki auna ba ta fi cutar da ke fiye da babu lamba. Tambayar farko da zan yi miki ita ce kashi 40 na me, daga wane wata zuwa wane wata? Kuma ko da sun ƙaru, me ya tabbatar jerinki ne dalili, ba ƙarewar jarrabawa ko sauyin malami ba? Ke da kika karanta ƙididdiga kin fi ni sanin wannan. In fayil ɗin yana hannunki, ki lissafa matsakaicin masu zuwa a Asabar huɗu na farko da huɗu na ƙarshe, ki rubuta lambobin biyu yadda suke ba tare da cewa ke kika jawo ba. In babu, ki tsaya inda iliminki ya tsaya: "malamai na amfani da jerin wajen kiran iyaye". Wannan ma sakamako ne, wani ya dogara da aikinki.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Kada ki kuskura ki tura mahaɗin rajistar. Sunayen yara ne da lambobin iyayensu, ba naki ba ne. Ƙungiyar da ke aiki da bayanan mutane in ta ga kin raba wannan ga baƙo, ta gama sanin abin da za ki yi da nata. In kina son nuna tsarin, ki yi kwafi, ki goge sunaye da lambobi, ki sa na ƙirƙira layi goma, ki faɗa cewa samfuri ne, kuma ki nemi izinin shugabar tukuna. Rahoton furojek ma kada ki tura shi duka, babu mai buɗe shafi sittin. Ki ciro shafi ɗaya ko biyu: tambayar da kika bincika, jadawali ɗaya, da abin da kika gano. Shi ne amsarki ga buƙatarsu ta uku, gajeren rahoto.

Nura: Ƙarin bayani kan mahaɗi, don abin na faruwa da mutane da yawa. In a Google Drive ne, fayil yana zuwa a `Restricted`, wanda ka tura wa sai dai ya ga shafin neman izini, kuma ba zai nema ba. Ki mayar da shi `Anyone with the link`, matsayin `Viewer`, sannan ki gwada buɗewa a wayar da ba asusunki ne a kai ba.

Anti Rabi: Daidai. Ni ma tunda shafi biyu ne kawai, na fi son a maƙala shi a PDF, don wasu ofisoshin ba sa son ma'aikata su danna mahaɗi daga baƙo.

Malam Isa: Yanzu na fahimci zancen. Amma Hajiya Rabi, ina da ja a wuri ɗaya. Sun ce suna son mai shekara ɗaya. Yarinya ba ta da ita, kuma kin sa ta yi shiru a kai. A ganina mutunci shi ne ta faɗa da bakinta a jimla ɗaya, cewa ban cika shekarar da kuka ambata ba amma ga abin da na yi. Mai karantawa zai ga ta karanta tallar har ƙarshe, ba ta kauce ba. Sannan gaisuwar ta yi mini gajarta.

Anti Rabi: Malam, ba ta ɓoye ba. Ta ce ta gama a bana, ta ce furojek, ta ce sa kai. Duk mai karatu ya gane. Kuma "an fi so" suka rubuta, ba "dole" ba. Da dole suka ce, da na bi bayanka, ko ma in ce ta yi tunani kafin ta ɓata lokacinta. Amma a nan ban ga dalilin da za ta ɗauki alƙalami ta ja layi a ƙarƙashin abin da ba ta da shi ba.

Malam Isa: Ni dai da ni ke karantawa, wadda ta faɗa ta fi kwanta mini. Ba a farko ba kamar yadda ta yi da, a ƙarshe, bayan hujjojin.

Anti Rabi: Na san masu tantancewa da ke da ra'ayinka, ba zan ce kuskure ba ne. In za ta sa, to a inda ka ce, jimla ɗaya, babu "duk da cewa" babu "a yi haƙuri". Ummi ke za ki zaɓa. Gaisuwa kuwa Malam, layi ɗaya ya wadatar a imel. Da yawa a waya suke buɗewa, abin da ya fito a allon farko shi ke sa su gangara ko su wuce. In tallar ta ambaci sunan wanda za a tura wa, ta gaishe shi da sunansa da muƙaminsa.

Baffa: To ni har yanzu ina kan bakana cewa sibi ake fara buɗewa. Amma tunda za ta tura, a `Subject` ta sa sunan gurbin yadda suka rubuta shi harafi da harafi, da lambar gurbin in akwai, sai sunanta. Da shi suke nemo saƙonni a akwatin. Fayil ɗin kuma kada ya tafi da suna irin `CV final 2 new.pdf`, ta sa sunanta a kai.

Anti Rabi: Wannan kam babu ja. Kuma duk abin da ke cikin saƙon ya kasance yana cikin sibi da lambobi iri ɗaya, don in Baffa ya yi gaskiya aka fara buɗe sibi, kada a tarar da shi fayau. Ki buɗe sashe na furojek da na aikin sa kai, kowanne da watanninsa.

Ummi: Na duba fayil ɗin. Watannin farko ba a cike rajistar kowane mako ba, don haka ba zan iya kwatantawa ba, na cire kashi 40 ɗin na sa maganar kiran iyaye. Mahaɗin rajista ma ya fita. Jimlar Malam na rubuta ta na goge, na sake rubutawa, tana nan dai ban yanke ba. Tambaya ta ƙarshe Anti: mutum biyun da na ce za su ba da shaida, in sa lambobinsu a saƙon?

Anti Rabi: Kin gaya musu?

Ummi: Tukuna.

Anti Rabi: To yau ki kira su kafin ki tura. Ki faɗa musu gurbin, ki tura musu saƙon su karanta, musamman shugabar, don ta san 180 da 152 ɗin kafin wani ya tambaye ta. Malamin furojek yana da ɗalibai da yawa, ki tuna masa taken aikinki da shekarar. Lambobinsu kuma sai in tallar ta nema, a nan ma a sibi za su shiga ba a jikin imel ba. In ɗayansu ya yi jinkirin amsawa har ranar rufewa ta matso, ki cire shi daga jimlar ki tura da ɗayan.

Nura: Anti ni fa malamin da ya duba namu ya bar makarantar, kuma ba ni da lambarsa. Ɗan rukuninmu zai iya tsaya mini?

Anti Rabi: Aboki ba ya cika nauyi a wannan wurin. Ka fara tambayar ofishin sashenku ko suna da imel ɗinsa. In bai samu ba, akwai malamin da ya zauna ranar da kuka kare furojek ɗin?

Nura: Akwai biyu. Ɗaya har ya yi mini tambaya a kan rumbun bayanan. Bari in nemi shi.